Hira da ɗaiɗaiku ko zaman tattaunawa: wanne ya dace da ƙaramin bincike kan 'yan kasuwa?

Ɗalibin da yake son gano yadda masu kasa tumatir da tattasai a kasuwar 'Yankaba ta Kano suke samun na tuwo, kuma kuɗin aikinsa da lokacinsa ƙididdigaggu ne, zai fi samun biyan buƙata idan ya fara duba irin maganar da yake son a gaya masa, kafin ya duba wace hanya ce ta fi sauƙi. Mafi yawan abin da ake kira hanyar samun abinci a kasuwa maganar jari ce da riba da bashi, kuma waɗannan ba abubuwa ba ne da Bahaushe yake bajewa a gaban maƙwabcin rumfarsa.

A nan ne hira da mutum ɗaya ta yi wa zaman taro fintinkau. Mai kasa kayan miya da ya karɓi kwando bashi a hannun dillali da safe, da alkawarin biya da yamma, ba zai faɗi cewa bashin jiya yana kansa ba alhali wanda suke cin ciniki ɗaya yana zaune kusa da shi. Idan kuwa aka zauna da shi shi kaɗai bayan azahar, lokacin da kasuwa ta lafa, ana iya bin ranar jiya daki-daki: kwando nawa ya sara, nawa ya biya ɗan dako, nawa ne ya ruɓe aka karyar, nawa ya zuba a adashi, nawa ya kai gida na cefane. Tambayar "nawa kake samu a wata?" ba ta haifar da komai sai "Alhamdu lillahi, kasuwa sai godiya", domin mutumin bai taɓa lissafa cinikinsa da wata ba. Idan mai bincike ya ga wannan amsa tana maimaituwa, to laifin yana ga tambayarsa, ko kuma ana zarginsa da zama ɗan leƙen asirin masu haraji, musamman idan ya zo da takarda da biro ba tare da ya fara gaida Sarkin Kasuwa ko shugabannin ƙungiya ba.

Tsadar wannan hanya lokaci ne. Hira 15 ta minti 40 kowace ta kai awa 10 na magana, kuma rubuta awa guda da aka naɗa yakan ci awa huɗu zuwa shida, wato kusan awa 50 kafin a fara nazari, ban da katsewar da masu saye za su riƙa yi. Sai dai adadin ba ya buƙatar yawa: binciken Guest da Bunce da Johnson na 2006, wanda aka yi da hirarrakin mata 60 a Ghana da Najeriya, ya nuna cewa kusan dukkan jigogin sun bayyana a hira 12 na farko, amma fa mutanen masu yanayi iri ɗaya ne. Wanda ya haɗa dillalai da masu kasa kaya da mata masu talla dole ya ƙara yawan hirar.

Zaman tattaunawa, na mutum shida zuwa takwas na kimanin awa ɗaya da rabi, amfaninsa yana ga abin da ya shafi kowa kuma ba ya tona asirin kowa: kuɗin tikiti, yadda ake rabon wuri, gobara, ko yadda aka yi ciniki lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. A irin wannan wani yana tuna wa wani, har a yi musu, kuma musun shi ne ribar zaman. Ana yawan ɗauka cewa ya fi araha, amma tara mutum takwas yana nufin rumfa takwas babu mai su, ga kuɗin mota da lemo, ga kuma mutum na biyu da zai riƙa rubuta wanda ya faɗi me. Babbar matsalarsa ita ce girmamawa: da zarar dattijo ko ɗan kwamitin kasuwa ya yi magana, sauran sai su bi da "haka ne, Alhaji", mai bincike ya tashi da ra'ayin mutum guda yana zaton na takwas ne. Maganinsa a raba zama, matasa daban, mata daban da mace mai jagoranta, kuma kada a bar shugaban ƙungiya ya zaɓo mahalarta shi kaɗai.

A ganina, ga binciken da mutum ɗaya yake yi, hira 12 zuwa 15 su ne ginshiƙi, sannan a ƙara zama biyu a ƙarshe, inda za a gabatar da abin da aka gano ba tare da ambaton suna ko lambar rumfa ba, a ji ko za su gaskata ko su gyara. Idan kuɗin ba zai ɗauki duka biyun ba, sai a haƙura da zaman taron.