Gam ɗin kafa noti a bulo mai rami: yana riƙewa, amma ƙarfinsa iyakar ƙarfin bulon ne

Besin ɗin wanke hannu na banɗakinmu irin wanda ake ratayewa ne a bango, ba shi da ƙafa. Da fisha ta roba da ta zo cikin kwalinsa aka kafa shi tun farko, kuma bangon bulo ne mai rami. Alamar farko da na gani ita ce layin silikon da ke tsakanin besin da tayil ya fara buɗewa daga sama. Idan ka danna bakin besin da tafin hannu sai ka ga tsagar tana buɗewa tana rufewa, wani farin gari kuma yana zubowa ƙasa. Garin nan bulo ne fisha ke ci.

Dalilin a bayyane yake. Fisha tana riƙewa ne ta hanyar kumbura ta matse jikin ramin da aka huda mata. A bulo mai rami kuwa, fatar bulon ba ta cika wuce santimita 3 ba, bayanta sai iska. Yawancin tsawon fishar a sarari yake lilo.

Abin da na saya gam ne mai haɗi biyu da ake matsowa da bindiga irin ta silikon, tare da 'yar ragar roba mai kamar yatsa da ake zurawa cikin ramin, da dogon noti mai zare M10, wato mai kaurin milimita 10. Ragar ce sirrin aikin. Ita ke hana gam zubewa cikin cikin bulo, kuma idan ka tura notin, gam yana tsattsafowa ta idanun ragar ya dunƙule a bayan fatar bulon. Da ya bushe, dunƙulen ba ya iya fitowa ta ramin.

Ragar M10 tana son rami mai faɗin milimita 16. Na ɗauki mai tsawon milimita 130 maimakon 85, domin tayil da filasta sun cinye kusan santimita 3, kuma su ba sa ɗaukar nauyi. Sababbin ramuka na huda a lafiyayyen wuri, na kashe bugun hama na injin huda, don hama tana farfasa bayan fatar bulo ta rage maka kaurin da kake dogaro da shi. Na hure ƙura, na goge da burushi, na sake hurewa. Gam ɗin da ya fara fitowa zubarwa ake yi har sai launinsa ya zama ɗaya. Sannan a cika ragar daga can ƙarshenta, a tura noti ana murzawa a hankali.

Inda ya ba ni haushi shi ne sauri. Idan da zafi, cikin 'yan mintuna ya fara daskarewa, har a bakin bindigar. Dole awonka da lebur ɗinka su zama a shirye kafin ka matsa, don notin da ya karkace ya karkace ke nan. Lokacin jira kafin a ɗaure yana rubuce a jikin robar gam ɗin gwargwadon zafi ko sanyi, ni dai na bar shi ya kwana.

Maganar nauyi ce ta fi muhimmanci, kuma nan kwalin gam ɗin ke iya ruɗar mutum. Babbar lambar da ake bugawa ta kankare ce. Ta bulo mai rami tana cikin takardar bayani, kuma ta yi ƙasa da waccan nesa ba kusa ba. Ga lissafin besin ɗina: ya fito daga bango santimita 45, tsakanin noti da ƙasan bayansa inda yake tokare bango kuma santimita 15. Ninki uku ke nan. Mutum ya dafa bakinsa da nauyin kilo 40, notocin biyu za su ji ja na kilo 120, kowanne 60, ban da nauyin besin da ruwan ciki. Da na gwada wannan da lambar takardar, sai na ga babu rarar kirki, shi ya sa na ƙara ƙarfen tallafi biyu a ƙasa. Wanda bai sa tayil ba tukuna, ya fasa ramukan bulon wurin ya ɗura kankare, ya fi komai. A bulo marar rami ba a buƙatar raga, sai dai idan bulon na marmashewa da farce, gam zai fito ne da ɓarin bangon a jikinsa.

Besin ɗin yanzu ko motsi ba ya yi. Amma masai na ratayewa ba zan kafa shi da wannan gam a bulo mai rami ba. Shi ana gwada shi ne da nauyin kilo 400, yana ɗaure da noti M12 biyu, kuma wurinsa firam ɗin ƙarfe da aka kafa ƙafafunsa a kankaren daɓe, yadda nauyin zai sauka ƙasa, bango ya hana shi rinjayowa gaba kawai.