Fewer da less: ina kowacce ke zama?

"Malamin da ke duba aikina ya ja wa less students jan layi, ya rubuta fewer a samanta. Shin in bi duk less ɗin da ke cikin aikin in mayar da su fewer?"

A'a 'yar'uwa, kada ki yi musu kuɗin goro. Gyaran malaminki daidai ne, amma iyakarsa wurin da ya yi shi.

Fewer ta abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya ce, irin su ɗalibai da littattafai: fewer students, fewer books. Less kuwa ta abin da ake aunawa ce, kamar ruwa ko lokaci: less water, less time. Abin yana ba mu wuya ne saboda a Hausa "kaɗan" ta ishe mu, mutane kaɗan, ruwa kaɗan. Turancin ma idan ƙari ake nufi, more kaɗai ke ɗaukar duka biyun.

Inda ake zamewa shi ne wurin da lamba ta shigo. A ce kin rubuta cewa binciken bai kai shekara uku ba, kuɗinsa kuma bai kai naira dubu 200 ba. Ido zai ga years da lamba a gabanta, hannu ya tafi ga fewer. To, less than three years ake cewa, da less than 200,000 naira, domin tsawon lokaci da jimillar kuɗi kike nufi, ba ki zauna kina lissafa shekarun ɗaya bayan ɗaya ba. Haka nisa da nauyi suke: less than five kilometres. Ga yadda nake gwadawa: in sa is a bayan kalmar. Three years is a long time ta zauna daram, saboda haka less. Three students is kuwa ba ta shiga kunne, sai fewer. Idan abu guda ne ya ragu, one less student aka fi ji, ko da yake ɗalibi ƙirga shi ake yi.

Dokar kanta ba ta kai Turancin tsufa ba. Wani marubuci mai suna Robert Baker ne ya kawo ta a 1770, shi ma a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji, alhali tun zamanin Sarki Alfred a Ingila, wajen shekara ta 888, ana sa less a kan abin ƙirgawa. Daga baya malaman nahawu suka mayar da ra'ayin nasa doka, har ta kai kantunan Tesco na Birtaniya suka fara sauya allon wurin biyan kuɗi daga 10 items or less zuwa Up to 10 items a 2008.

A rubutun makaranta da na jarida, editoci suna riƙe dokar sosai idan kalmar ta zo daf da sunan jam'i, irin less students ɗinki. Amma 250 words or less tana wucewa a wurin da yawansu ba tare da an ɗaga gira ba. Ni dai a aikin da malami zai sa wa maki, or fewer nake rubutawa a nan, don kada a ɓata lokaci ana gardama a kan kalma guda.