Yaƙi biyu, zinare ɗaya: 1980 da 2022

A ƙarshen Disamba 1979 sojojin Tarayyar Soviet suka shiga Afghanistan, ga kuma rikicin garkuwa da Amurkawa a Iran na ci. Kafin Janairu 1980 ya ƙare, oza ɗaya na zinare ya kai dala 850. Akan ce tsoron yaƙi ne ya jawo haka, amma a ganina tsoron shi kaɗai bai isa ba. A lokacin hauhawar farashi a Amurka ta haura kashi 13 cikin ɗari, ta cinye ruwan da banki ke biya. Wanda ya ajiye dala asara yake yi, don haka kowa ya ruga wurin zinare, wanda babu gwamnatin da za ta iya buga shi a inji.

A Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Ukraine. Da farko labarin ya yi kama da na da, domin a watan Maris farashin ya wuce dala 2,000. Sai babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa babu ƙaƙƙautawa, dala ta yi ƙarfi. Shi kuwa zinare ba ya haihuwa, ko shekara goma ya yi a akwati. Da takardun bashin gwamnati suka fara biyan riba mai tsoka, masu jari suka koma can. Zuwa Oktoba zinare ya sauko ƙasa da dala 1,700, alhali ana ta gwabza yaƙin.

Shi ma hawan 1980 haka ya ƙare: Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa wajen kashi 20, a 1982 zinare ya faɗo zuwa kusan dala 300.