Cire kuɗi iri ɗaya duk shekara, ko ƙarawa daidai da tashin farashi?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na yi ritaya bana ina da shekara 60. Baya ga fanshona na wata, na haɗa naira miliyan 20 daga kason da aka ba ni a dunƙule da wani fili da na sayar, ina so ta kai ni shekara 20. Wani ya ce in riƙa cire adadi ɗaya duk shekara, wani ya ce in fara da kaɗan ina ƙarawa yadda kaya ke tsada. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa an gama lafiya, ya albarkaci abin da aka samu. Ni na fi karkata ga shawara ta biyu, amma tana da ɗaci a farko, kuma gara ka ga ɗacin da idonka kafin ka zaɓa.

Sai mun ɗora lissafin a kan wasu zato. A ce inda ka zuba kuɗin yana ba ka ribar kashi 18 cikin ɗari a shekara, farashin kaya kuma yana tashi da kashi 15. A ce kuma ka ware kuɗin cefanen bana daban, saboda haka cirar farko sai ƙarshen shekara. Ni na zaɓi waɗannan adadin don misali, kana iya sauya su da naka.

Hanya ta farko mai sauƙi ce. Ana neman adadi guda wanda in ka cire shi sau 20, kuɗin da ribarsa za su ƙare daidai a cira ta ƙarshe. Ya kama kusan miliyan 3.74 a shekara, wato naira 311,000 a wata, daga farko har ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce biyan da ke girma. Kana fara da wani adadi, kowace shekara ka ƙara masa kashi 15, domin abin da ya saya bara ya saya bana. Ga yadda ake gano adadin farawa:

```
P1 = PV × (r − g) ÷ [1 − ((1 + g) ÷ (1 + r))^n]
```

A nan PV shi ne miliyan 20 ɗinka, r ribar da kake samu (0.18), g tashin farashi (0.15), n kuma yawan shekaru (20). Sama ya ba da 600,000, ƙasa ya ba da 0.4025, sai ka samu kusan miliyan 1.49 a shekarar farko. A wata, naira 124,000 ke nan.

Na san mutum zai ce wane ne zai bar 311,000 ya ɗauki 124,000. To mu auna da buhu maimakon naira. A ce a shekarar farko buhun shinkafa 62,000 ne, kuma yana bin tashin nan na kashi 15.

| Shekara | Hanya ta farko, a wata | Buhu nawa | Hanya ta biyu, a wata | Buhu nawa |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 311,000 | 5 | 124,000 | 2 |
| 5 | 311,000 | kusan 3 | 217,000 | 2 |
| 8 | 311,000 | ƙasa da 2 | 330,000 | 2 |
| 10 | 311,000 | bai kai ɗaya da rabi ba | 437,000 | 2 |
| 20 | 311,000 | sulusin buhu | 1,768,000 | 2 |

Shekara bakwai na farko mai hanya ta farko ne a gaba, kuma da rata sosai. A ta takwas sai a wuce shi, ba zai sake kamowa ba. Dalili shi ne a tashin kashi 15, ƙarfin naira yana rabewa biyu duk shekara biyar. Lokacin da kake da shekara 80, waccan 311,000 ba za ta yi maka aikin da 22,000 ta yi a shekarar farko ba, ga shi lokacin ne kuɗin magani ke yawa, ƙarfin fita nema kuma babu. Abin da ke damuna da hanya ta farko ke nan: tana ba ka yalwa a shekarun da za ka iya taimakon kanka, ta bar ka da hannu biyu a shekarun da ba za ka iya ba. Kuma kada ka manta, fanshonka na wata ma kusan irin wannan ne. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga kamfanin inshora don biyan har ƙarshen rai, galibi adadi ɗaya yake karɓa. Wanda ya bar su a hannun kamfanin fansho ana biyansa a tsare, akan yi masa ƙari jefi-jefi in asusun ya yi riba, amma ba a ɗaure ƙarin da farashin kasuwa ba. Idan wancan yana zaizayewa, bai kamata wannan ma ya zaizaye tare da shi ba.

Me ya sa adadin farawa ya yi ƙasa haka? Domin ribar kashi 18 ɗin ba duka ba ce taka. Mafi yawanta diyyar faɗuwar darajar naira ce. In ka raba 1.18 da 1.15 za ka samu 1.026, ma'ana ribar gaskiya kashi 2.6 ce kacal. Mai hanya ta farko yana cire miliyan 3.74 alhali ribar shekarar miliyan 3.6 ce, yana ganin da ƙyar ya taɓa uwar kuɗi. A takarda haka ne. A kasuwa kuwa, ya cinye irin shuka.

Akwai wani tarko a hanya ta biyu da nake so ka sani tun yanzu, don na ga ya ruɗi masu hankali. Kuɗin da ke asusun zai riƙa hawa. Ƙarshen shekarar farko za ka ga miliyan 22.1 bayan ka cire naka. A shekara ta 10 ya haura miliyan 45, a ta 13 ya kai wajen miliyan 50. Nan ne zuciya za ta ce ai akwai rara, a sake mota, a taimaki wane da jari, 'yan uwa ma su ji labari. Babu rarar ko kwabo. Miliyan 50 ɗin nan, a farashin ranar da ka fara, miliyan 8 ce da 'yan kai, kuma an riga an yi mata aiki: ita za ta biya shekara bakwai na ƙarshe, inda cirar shekara guda ke tashi daga miliyan 9 har ta kai miliyan 21. Duk abin da ka gutsura a tsakiya, daga bakin tsohon da za ka zama ka ɗauke shi.

Sai babban rauninta. Lissafin ya ɗauka riba za ta ci gaba da zama a saman tashin farashi, mu kuwa a Najeriya mun ga akasin haka. Wanda ya sayi sukuk na farko na gwamnatin tarayya a 2017, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na shekara bakwai, kashi 16.47 aka tsayar masa a shekara. Lokacin da wa'adin ya cika a 2024, hauhawar farashi ta haura kashi 30, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayar da kashi 34.8 a Disambar shekarar. An biya shi abin da aka yi alkawari, amma kasuwa ta riga ta tsere masa.

Mu gwada haka da kuɗinka. Ka fara da miliyan 1.49, riba tana nan a kashi 18, amma farashi ya koma tashi da kashi 25, kai kuma kana binsa don buhu biyun su tabbata. Kuɗin zai ƙare a shekara ta 12, kana da shekara 72. Da tun farko an san haka za a yi, adadin farawa bai kamata ya wuce 54,000 a wata ba. Saboda haka hanya ta biyu ba ta hana asara. Abin da take yi shi ne ta rarraba abin da kake da shi daidai a kan shekaru, bisa zaton da ka ba ta.

Ta yaya za ka gane ka kauce tun kafin rami? Kada ka kalli yawan kuɗin, zai yaudare ka. A misalin nan na kashi 25, bayan shekara biyar asusun yana da miliyan 29.5, tsari kuma ya ce miliyan 32, wanda ba wani tazarar tayar da hankali ba ne. Abin yi shi ne ka raba abin da ya rage da cirar da ke tafe. Bisa tsari, in saura shekara 15, amsar ta kusa 10.7. A nan kuwa miliyan 29.5 ce a kan miliyan 4.55, wato 6.5. Wannan shi ne jan fitila.

Shi ya sa nake ganin kada ka yi lissafin sau ɗaya ka rufe littafi. Duk shekara, a wata guda da ka tsayar, ka sake shi da abin da ya rage a hannu, da shekarun da suka rage, da ribar da kake samu a zahiri. In akwai yaro mai kwamfuta a gida, layi ɗaya ne a Excel:

```
=PMT(1.18/1.15-1, 20, -20000000, 0, 1)
```

Wannan yana ba da abin da za ka cire a farkon shekara, yau-yau, ba sai an jira ƙarshe ba. Zai nuna maka kusan miliyan 1.26, wato 105,000 a wata, kuma shi ne naka idan ba ka ware kuɗin cefanen bana ba. Baɗi sai a sa 19 a gurbin 20, a sa sabon abin da ya rage. Idan shekara ta yi muni za ka ji an ɗan rage maka, amma ragi kaɗan da wuri ya fi sauƙin haɗiya a kan asusun da ya kafe kana da shekara 72. Wajen zaɓen adadin tashin farashi kuma, ka dubi littafin cefanen gidanka tare da na hukuma, domin abinci da magani da wuta su ne rayuwar mai ritaya, kuma ba lallai su yi tafiya ɗaya da jimillar da ake sanarwa ba.

Ba na cewa hanya ta farko ba ta da gurbi. Idan nauyinka a gaba yake, akwai yara biyu a jami'a da aurarwa cikin shekara huɗu ko biyar, dole kuɗi ya fi fita da farko. Amma ko a nan, na fi son ka ware wannan hidimar gefe da sunanta, a ce miliyan 5, sannan ka bi hanya ta biyu da miliyan 15 da ta rage. Komai zai ragu da rubu'i, 124,000 ta koma 93,000, kuma ka san takamaiman abin da hidimar ta ci.

Batun shekara 20 ɗin ma ka sake dubawa, Alhaji. Duka hanyoyin biyu suna ƙarewa da sifiri ranar da ka cika 80, babu abin gado daga wannan kuɗin, rai kuma na Allah ne, muna roƙa maka tsawonsa da lafiya. In ka shimfiɗa miliyan 20 ɗin a kan shekara 30, hanya ta biyu za ta fara da kusan miliyan 1.11 a shekara, ragin kusan 31,000 kacal a wata don ƙarin shekara goma. In da ni ne, da 30 zan lissafa.