Na toshe shi a kwamfuta, amma wayata ba ta daina ƙara ba

Wata takwas ke nan ina amfani da wannan manhajar karanta imel a kwamfutar shago, kuma da farko ba ni da ƙorafi a kanta. Maɓallin Block Sender ne ya ɓata min rai, wato na toshe mai turo saƙo, don na ɗauka idan na danna shi an gama da mutum ke nan.

Akwai wani da ya addabe ni da saƙon ƙarya, kullum wai ga takardar biyan kuɗin kayan da ban taɓa saya ba. Na toshe shi ranar Litinin. Har Alhamis shiru, na ce madalla. Da muka rufe shago don hutun Sallah na tafi gida, sai waya ta fara ƙara tun kafin asuba. Shi ne dai, da adireshin nan da na toshe. Kwana biyar na yi, saƙonninsa goma sha huɗu suka taru a Inbox na waya. Ranar da na dawo na kunna kwamfuta, ina kallo manhajar ta kwashe su gaba ɗaya ta zuba a Junk, foldar saƙonnin shara, suka ɓace daga wayar ma.

Ƙanina da ke kula mana da shafin shago ya zauna ya nuna min. Ya ce: "Yaya, wannan toshewar a cikin kwamfutar nan kawai take zaune, sabar ba ta san da ita ba." Akwatinmu da tsarin IMAP aka haɗa shi, wato ainihin saƙonnin suna kan sabar kamfanin da ke riƙe mana imel, kwamfuta da waya leƙawa kawai suke yi. Sabar tana karɓar saƙon mutumin kamar na kowa ta ajiye a Inbox. Sai manhajar tana buɗe take duba jerin waɗanda na toshe, ta matsar da saƙon zuwa Junk, daga nan matsarwar ta bayyana a ko'ina. Kwamfuta na kashe, babu mai matsarwa. Shirun da na samu a kwanakin farko, ashe kwamfutar ce muke barinta a kunne kan inbata. Ya ƙara da cewa da ɗayan tsarin, POP3, muke amfani, ko matsarwar ma ba za ta kai wayar ba, don kwafin da ke kwamfuta kaɗai ake taɓawa.

Ya gwada a gabana. Ya toshe nasa adireshin a manhajar, ya rufe ta, ya turo min saƙo daga wayarsa, sannan muka shiga Webmail ta burauza. Ga saƙon nan zaune a Inbox. Ya kuma buɗe bayanan saman ɗaya daga saƙonnin mutumin, ya nuna min wannan layi:

```
X-Spam-Status: No, score=2.8 required=5.0
```

Matatar sabar, SpamAssassin, ta ba saƙon maki 2.8, alhali sai ya kai 5.0 take ɗaukarsa shara. Duk danna Junk da na yi ta yi bai motsa wannan makin ba, don a sabar tamu ba a saita ta ta koyi wani abu daga foldar Junk ba.

Da na gane haka zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ai manhajar ta yi iya abin da aka gina ta a kai. A cPanel, shafin da ake saita sabar, muka shiga Email Filters, muka kafa doka kan sunan da ke bayan alamar @ na adireshin mutumin, muka zaɓi Discard Message, wato sabar ta jefar da saƙon da kanta. Tun ranar ban sake ganin saƙo daga can ba, ko kwamfuta na kunne ko tana kashe.

Amma da nake share foldar Junk sai ga abin da ya dawo min da fushin sabo. Takardar farashi ta gaskiya daga dilan da muke sayen batura a wurinsa tana kwance a ciki tun kwana tara. Duk lokacin da na danna Junk, manhajar tana koyon kalmomin saƙon ta adana a wani fayil cikin kwamfutar, sai ta ɗauka duk saƙo mai kalmar Invoice da fayil a maƙale shara ne. Ta matsar da shi, ya ɓace daga Inbox na waya ma, ni kuwa ina ta kiran bawan Allah ina cewa bai turo ba. Wallahi na ji kunyarsa ƙwarai. Kafin na gani farashin ya tashi.

Layi ɗaya a ƙarƙashin maɓallin nan, da ke cewa toshewar ta wannan kwamfuta ce kaɗai, da ya ishe ni. Tauraro biyu na ba ta. Na danna Not Junk a kan saƙon dilan, na sa adireshinsa cikin waɗanda aka amince da su, kuma yanzu duk Juma'a kafin mu rufe sai na leƙa foldar.