Na'urar ƙara ji ko dashen kunne: wanne ya dace da yaron da ya yi sanƙarau?

"Ɗana mai shekara 2 ya yi sanƙarau wata biyu da suka wuce, tun daga nan ko an buga ƙofa ba ya waiwayowa. Wasu sun ce mu sayi na'urar ƙara ji, likita kuma ya ambaci dashe. Mene ne bambancinsu, kuma wa ake yi wa dashen?"

Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ki nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa cikin makon nan, kada ki tsaya sayen komai tukuna.

Can cikin kunne akwai wani ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa da ƙananan gashi masu karɓar sauti su miƙa wa jijiyar ji. Na'urar ƙara ji ɗaga sauti kawai take yi, kamar lasifika, don haka sai da sauran gashin nan a raye take amfani. Mu ma mun saya wa 'yata a wani shago, ba abin da ta tsinana mana sai yin fito da cin batir. Ban ce ba ta da amfani ba, ga wanda jinsa ya ragu kawai ita ce daidai, ba sai an yanka shi ba.

Dashe kuwa tsallake gashin da suka mutu yake yi. Ana yin tiyata a bayan kunne, a zura siririyar waya cikin katantanwar, ita ke taɓa jijiyar ji da ɗan lantarki kai tsaye. Akwai kuma ɓangaren waje da ake rataya a kunne, yana manne wa kai da maganaɗisu. Ba ranar tiyata ake fara ji ba, sai ciwon ya warke, bayan mako 2 zuwa 4, sannan a kunna. Ranar da aka kunna wa 'yata nata dashen kuka ta fashe da shi ta ƙanƙame ni, don sautin baƙo ne a gare ta. Bayan 'yan watanni ina daka a tsakar gida, sai na ga ta fito daga ɗaki tana neman inda ƙarar taɓarya take. Na ajiye taɓaryar na yi sujada.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai an tabbatar matsalar a katantanwar take, ba ruwa ko mugunya a bayan dodon kunne ba, wanda magani ko ƙaramin aiki ke gyarawa. Sai kuma rashin jin ya yi tsanani, wato mutum ba ya jin sauti sai ƙarfinsa ya kai desibel 70 zuwa 90 ko fiye a ma'aunin sauti, kuma jijiyar ji tana nan lafiya. Ga ƙaramin yaro gwajin ABR, mai auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti, ake yi yana barci, sannan hoton CT da MRI su nuna halin katantanwar da jijiyar. Babban mutum da ya kurmance bayan ya iya magana yana cin moriyarsa sosai. Wanda aka haifa kurma kuma ya girma bai taɓa ji ba, da wuya dashe ya ba shi magana. Yaren hannu ya fi masa amfani, kuma ba abin kunya ba ne.

Abin da ya sa nake gaggauta ki shi ne sanƙarau ɗin. A al'ada ana gwada na'urar ƙara ji wata 3 zuwa 6 kafin a yanke shawarar dashe. Amma bayan sanƙarau, ƙashi na iya fara tsirowa a cikin katantanwar cikin makonni, ya toshe hanyar da za a zura wayar. In ya toshe, aikin ya yi wuya, sakamakon ma ya ragu. Shi ya sa likitoci kan taƙaita wannan jira ko su tsallake shi. Ki faɗi ranar da ya kwanta ciwon, ki roƙi a yi hoton da wuri. Shekarunsa ma suna taimakonsa, tunda ya riga ya ji magana kafin ciwon.

Ki yi hattara da masu tallar na'ura a kasuwa da intanet, masu cewa tana maganin kowane irin kurumta. Duk wanda zai sayar miki ba tare da takardar gwajin ji ba, kuɗinki yake so. Haka masu ɗiga mai a kunne. Ko a wajen dashen, kafin ki sa hannu ki tambaya wa zai riƙa saita na'urar bayan tiyata, ina mai koyar da magana yake, kuma a ina ake samun batir da igiya in sun lalace, don kuɗin ba a tiyata yake ƙarewa ba. Ki tambayi rigakafin ƙwayar cutar numoniya mai haddasa sanƙarau ma, ana so a yi shi kafin aikin.

In gwaji ya nuna rashin ji mai tsanani a kunne biyu kuma hanyar a buɗe take, dashen za ki zaɓa.