Gida mai tsagar filasta ko mai tsaga ɗaya a kusurwa?

"Jama'a gida biyu aka nuna min. Na farko bangon duk ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, na biyu fes yake sai tsaga ɗaya da ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Wanne zan saya?"

Ɗan'uwa ɗauki na farkon. Irinsa nake ciki da iyalina, tun da na tare waɗannan siraran layukan suke nan, ko farce ba ya shiga, filasta ce ta bushe ta ja jiki don ba ta sha ruwa ba lokacin aiki. Na kankare wuri ɗaya na ga bulon lafiya lau, na shafe na yi fenti, har yau ƙofofina suna rufuwa salin-alin.

Na biyun kam ya fi kyan gani, iyakarsa ke nan. Kowane gida yana ɗan zama bayan gini, in ya zauna gaba ɗaya ba komai, matsalar ita ce gefe ɗaya ya riga ɗaya nutsewa, shi bulo kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Ma'aunin injiniyoyi shi ne bambancin kar ya wuce 1 cikin 500, wato bango mai mita 5 kar wannan ƙarshen ya fi wancan sauka da milimita 10. Ya kai 1 cikin 300, kusan milimita 17 ke nan, tsaga ta zo, bangon da ba pila ba rodi ma tun kafin nan yake nunawa.

Ka koma da magini da tiyon lebur ku auna kusurwa da kusurwa a layin linta. Sannan ka duba tsagar da kyau: tana bin layin bulo kamar matakala? Ana ganinta ciki da waje? In ta fi faɗi a sama kusurwar gidan ce ke sauka, in ta fi faɗi a ƙasa tsakiyar bangon ce ta zauna. Zagaya wannan ɓangaren, sau da yawa za ka tarar da sokawe na yoyo a jikin fandisho, ko dai filin tsohon kududdufi ne aka cike da shara. In faɗin tsagar ya wuce milimita 5, taga na cijewa, to aikin ya tashi daga na mai filasta, sai injiniya ya tona ya gani.

Kuma don Allah ka kula da wasu dillalai, su cusa siminti a tsaga su buga sabon fenti daf da kawo mai saye. Ka ga bango ɗaya kaɗai ya sha fenti, haska shi da tocila daga gefe, tabon cikon zai fito. In mai gidan ya ce ai tsagar ta daɗe da tsayawa, ku ɗana ɗan gilashi a kanta da siminti ku rubuta kwanan wata, ya ga damina ya ga rani bai fashe ba sannan a yi maganar kuɗi.